Takardar sallama daga asibiti: a fara da sashen magani

"An sallamo mahaifiyata daga asibiti, ni zan yi jinyarta a gida. Takardar sallamar ta rikita ni, ina zan fi dubawa?"

Allah ya ba ta lafiya, 'yar'uwa. Sashen sunan cutar da na gwaje-gwaje likitan da zai sake ganinta ne ya fi buƙatarsu. Naki shi ne sashen magani.

Ki ɗauko magungunan da take sha tun kafin a kwantar da ita, ki gwada su da takardar, ki ware sabo, da wanda aka canza adadinsa, da wanda aka dakatar. A nan ake yawan kuskure: an canza mata maganin hawan jini, a gida kuma a haɗa tsohon da sabon, sai jiri ya kama ta in ta miƙe. BD na nufin sau biyu a rana, TDS sau uku, PRN sai buƙata ta taso.

Daga nan ki duba ranar komawa asibiti, da alamomin da aka ce kada a jira. In numfashi ya yi mata wuya ko hankalinta ya rikice, ki mayar da ita nan take, da takardar a hannunki.