Admin biyu, mulki ɗaya: yadda muka riƙe guruf ɗin garinmu lokacin shari'ar gwamna

Tambaya: "Jama'a, ni ne admin na guruf ɗin 'yan garinmu a WhatsApp. Tun da aka shiga maganar zaɓe kullum sai an yi cacar baki, har dattawa biyu sun fice. Wasu sun ce in hana siyasa kwata-kwata. Ya zan yi?"

Malam admin, Allah ya ba da haƙuri. Mu mun taɓa gwada hanin, kuma mun ji a jikinmu. Namu guruf ɗin na 'yan ƙauyenmu ne a ƙasar Bichi, an buɗe shi don sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da karo-karon gyaran famfo. Ranar 20 ga Satumba 2023, da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf a zaɓen gwamnan Kano, kafin la'asar gida ya kama da wuta. Admin ɗinmu ya mayar da Send messages zuwa Only admins, ya yi shiru kwana huɗu bai ce uffan ba. Da ya buɗe, sai muka tarar 'yan jar hula sun yi nasu guruf ɗin, ɗaya ɓangaren ma haka. Kuɗin famfo ya tsaya cak, mata suka koma rijiyar bayan gari. Shi ya sa nake cewa kada ka hana.

Abu na farko da muka gyara shi ne admin ɗin kansa. A ƙauye kowa ya san hular da kake sawa da wanda ka yi wa wakilin akwati, don haka duk saƙon da ka goge, za a ce jam'iyyarka ce ta goge. Kuma WhatsApp yana nuna sunan admin ɗin da ya goge. Sai muka naɗa biyu, ɗan NNPP da ɗan APC, da sharaɗi guda: kowa ɓangarensa zai tsawata wa. Wannan dabarar ta fi duk dokokin da muka rubuta amfani, don yaro ya fi jin "kai, bari" daga bakin nasa.

Sannan muka daina kallon saƙon siyasa a matsayin abu ɗaya. Wanda ya ce "ni a ganina an yi mana zalunci", ra'ayinsa ne, ba a taɓa shi. Wanda ya ce an sace akwati a gari kaza, wannan labari ne, sai a tambaye shi a fili: ka gani da idonka, ko turo maka aka yi? In sakamako ne, ya kawo hoton EC8A, wato takardar sakamakon rumfar zaɓe, mai ɗauke da sunan rumfar. In bai kawo ba zuwa dare, a goge. Wanda kuwa ya bar ɗan takara ya koma kan ɗan gari, shi ake gogewa nan take. Alamar tana da sauƙin ganewa: da zarar "gwamna" ya koma "ku", "ku" ya koma "gidanku", to an bar siyasa, an shiga tsohuwar rigimar iyakar gona.

Bari in ba ka misali. Ranar 17 ga Nuwamba, da kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin farko, wani matashi ya turo muryar minti shida bayan isha'i. Minti huɗun farko duk ƙorafi ne kan alƙalai. A na biyar sai ya kama sunan wani ɗan garinmu, wai an ga buhun taki na shiga gidansa daren zaɓe. Admin ɗin ɓangarensa ya goge, ya rubuta layi ɗaya: "An goge ne don an ambaci gidan mutum, ka sake turo maganarka kan hukuncin." Muka rufe zuwa bayan sallar asuba, amma wannan karon mun faɗi lokacin buɗewa. Ba a cire yaron ba. Da safe kawunsa ya same shi a gindin tsamiyar masallaci, suka yi magana su biyu. Kafin azahar ya sake turo ta minti biyu, babu sunan kowa, kuma da zafinta.

Muryar nan fa ita ce matsala, don admin ba zai iya leƙa ta kamar rubutu ba, sai ya saurara, datar ma ta ƙare kafin ya kai inda zagin yake. Amma ba ma hana ta, tunda rabin mutanenmu ba sa rubutun boko. Mun dai ce kada ta wuce minti biyu.

Dattawan da suka fita kuma, kada ka mayar da su da danna waya. Ka taka har zaure ka gaishe su, ka nemi izini. Namu ɗaya ya dawo. Ɗayan ya ce sai Kotun Ƙoli ta gama, ta kuma gama ranar 12 ga Janairu 2024, ta bar wa Abba kujerarsa, amma har yau jikansa ne ke karanta masa sanarwar jana'iza.