Dattijo, Juji da Inuwar Giginya

Tambaya: Malam, kakanmu zai cika shekara 80, kuma ni aka zaɓa cikin jikoki in yi jawabin minti biyu gaban dangi. Na shirya in ce shi inuwar giginya ne, kuma babba juji. Sun dace? Sannan tsoho zan ce ko dattijo?

Amsa: 'Yata, cire giginyar nan tun kafin a taru. Cikon maganar shi ne "na nesa ka sha". Giginya doguwa ce, ganyenta can sama yake, saboda haka inuwarta takan faɗa nesa da gindinta. Wanda bare ke morar alherinsa, na gida suna hamma, shi ake yi wa wannan habaici. Kina faɗa za ki ga gwaggonninki sun sunkuyar da kai. In inuwa kike so, ki ce bango majinginarmu, ko rumfa sha shirgi, wato mai ɗaukar nauyin kowa ba ya ƙorafi.

"Babba juji ne" yabo ne na gaske, domin babba ake kai wa kowace ɓaraka ya shanye, yadda ake zuba wa juji shara. Sai dai maganar ta fi daɗi a bakin sa'arsa. Jika ta ambaci juji a lasifika, yara dariya za su yi, ma'anar ta ɓace.

Tsoho shekaru kawai yake nunawa. Dattijo, wadda muka aro daga Fulatanci, ta haɗa shekaru da hali, shi ya sa muke cewa wane yana da dattako. Ita za ki ɗauka, kuma ki yi masa jam'in girmamawa: "kun rene mu".

Minti biyu ba ya ɗaukar karin magana fiye da ɗaya, kuma sai an ɗora shi a kan labari yake zama. Bayan sallama da gaida manya, ki kawo abu guda da idonki ya gani. Misali: "Ranar da yayana ya dage zai sayar da gonar gado, Baba Alhaji suka ce a bari damina ta wuce. Yau gonar ce ke ciyar da gida uku. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Ki ɗan yi shiru a nan, manya su gyaɗa kai.

Kina da wata dama da iyayenki ba su da ita, wato wasan kaka da jika. Kina iya cewa "angon nawa har yanzu bai biya sadakina ba", shi da kansa zai fara dariya. Sau ɗaya ya isa.

Ki rufe da addu'a: Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya nuna muku auren tattaɓa-kunnenku. Ki jira jama'a su ce amin kafin ki ajiye lasifika.