Hoton barka da shan ruwa da na barka da Sallah: abin da za ka tsare kafin a buga

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani babban kanti a wajen Agege. Oga ya ce tunda ni kaɗai ne Bahaushe a ofis, ni zan tsaya a kan hotunan gaisuwar azumi da na Sallah, iyali suna cin abinci. Shi ba Musulmi ba ne, kuma tsoronsa kada a yi abin da zai ɓata wa mutane rai. Hoto ɗaya zai isa duka biyun? Me zan kula da shi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karantawa na ji tausayinka, don na san wannan kujerar da aka ɗora ka. Idan hoto ya yi kyau a yaba wa kanti, idan an sami kuskure a ce ai akwai Musulmi a wurin, yana ina aka yi haka? Saboda haka ka ɗauki abin da muhimmanci tun yanzu.

Hoto ɗaya ba zai isa ba. Buɗa baki daban, cin abincin Sallah daban, kuma ko yaro ɗan shekara goma a Idi-Araba zai gane in an haɗa su. Amma rana ɗaya za ku ɗauki duka biyun, da mutane ɗaya, kuma cikin Sha'aban, kafin a ɗauki azumi. Kada ka yarda a ja aikin har watan ya kama, a tara masu azumi a gaban ƙosai mai zafi ana cewa su yi murmushi. Ku fara da na Sallah da hantsi, a huta, a sake kaya, a yi na buɗa baki da yamma.

Hoton azumi, lokacin da za ka kama shi ne minti ɗayan nan kafin a kira sallar magariba. An jera komai, kowa ya zauna, babu wanda ya kai abu baki tukuna. Kaka tana miƙa wa jika dabino, uba yana zuba ruwa a kofi, uwa tana ajiye farantin ƙarshe. Wannan ya fi hoton mutane suna tauna nesa ba kusa ba, don baki cike da abinci ba ya kyau a hoto, kuma jiran nan shi ne abin da duk mai azumi ya sani a jikinsa. A Legas ana shan ruwa ne tsakanin shida da rabi da ƙarfe bakwai, wato rana ta faɗi. Idan akwai taga a bayansu tana zubo farin hasken rana, abin da hoton ke faɗa shi ne waɗannan mutanen za su ci abinci da rana tsaka cikin Ramadan. A saki labule mai kauri, ko a jira hasken waje ya yi ja-ja ya dushe. A kashe fararen ƙwayayen ɗakin gaba ɗaya, mai hoto ya yi aiki da fitilarsa mai launin ɗumi, wajen 3200K, ya daidaita kyamara a kanta. In aka gauraya farin ƙwai da fitila mai ruwan ɗorawa, rabin fuska zai fito shuɗi-shuɗi, rabi ja, kuma gyaransa a kwamfuta wahala ne.

Ga mutum shida, abin da za a shimfiɗa bai da yawa: dabino kamar goma sha biyar a ƙaramin faranti a tsakiya, jug ɗin ruwa da ake ganin cikinsa, kofuna shida na kunun gyaɗa ko na tsamiya, ƙosai kamar ashirin, da yankakkiyar kankana da abarba. Tunda akwai Yarbawa cikin masu sayayyarku, ka ƙara alale, su ma za su ga teburinsu a ciki. Ƙosan a soya shi kashi biyu, don na farko zai huce ya yamutse kafin a gama saita fitila. Shi za a gwada haske da shi, na biyu a kawo da zafinsa a ɗauka. Kada a cika wurin da kaji da katon-katon na lemo. Watan ibada ne, kuma da yawan masu ganin hoton da ƙyar suke haɗa na buɗa baki.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, don na sha ɗacinsa, kuma har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta sosu. Hannu. Kowa ya san a ce wa masu fitowa a hoto su ci da dama, su miƙa da dama, su karɓa da dama, kuma za ka tsaya a kansu ka tabbatar an yi haka. Ba a nan ɓarnar take faruwa ba. Tana faruwa ne bayan kwana uku, a kan kwamfutar mai tsara talla, kai ba ka nan. Zai ga an bar filin rubutu a hagu, shi kuma tambarin kanti a dama yake son ya zauna. Sai ya danna `Flip horizontal`, hoto ya juya kamar a madubi, shi ke nan. A wurinsa bai yi komai ba, sakan ɗaya ne. Amma yanzu dattijo mai furfura yana miƙa wa jikansa dabino da hagu, a ƙarƙashinsa an rubuta barka da shan ruwa. Abin takaicin, ba zai gaya maka ya juya ba, don bai san abin faɗa ba ne. Kai ma da ka duba a waya cikin sauri ba za ka lura ba, tunda idonka yana kan rubutu. Sai an buga, an rataya a ƙofar kanti, wani tsoho da ya fito masallaci ya tsaya ya nuna da sandarsa. A lokacin kuɗin bugu ya tafi, hoton ya zaga WhatsApp, kuma mai tsarawar zai ce ai kai ka sa hannu. Wannan maganar tasa ita ta fi komai ciwo.

Maganinsa biyu ne. Na farko, tun a wurin ɗauka a yi kowane hoto sau biyu, ɗaya da fili a hagu, ɗaya da fili a dama, filin ya kai kashi ɗaya cikin uku na hoton, don kada ya sami dalilin juyawa. Na biyu, ka riƙe asalin hoton a wayarka, ka jera shi da wanda aka tsara kafin ka ce to. Ka duba askar babbar riga: aljihu da aikin askar a ƙirjin hagu na mai riga suke, in ka gan su a damansa an juya. Ka duba agogo, ka duba rubutun gwangwanin madara.

Maganar gwangwani ta tuno mini da kayan kanti. Oga zai so a ga hajarsa, haƙƙinsa ne. Amma abu biyu ko uku sun isa, kuma waɗanda ake gani a wurin cin abinci: dabino, madara, ganyen shayi. Buhun shinkafa a tsakiyar tabarma ba ya kama hankali. Zoɓo kuwa, don Allah kada a zuba shi a kofi mai doguwar ƙafa, a hoto ba ya da maraba da giya. Haka lemon inabin nan mai kumfa da aka naɗe wuyan kwalbarsa da takardar zinare. Ko da babu barasa a ciki, mai wucewa a mota ba zai karanta jikin kwalba ba.

Hoton Sallah shi ne kishiyar wancan. A ɗaga labule, haske ya shigo, sabbin kaya, lalle a hannun mata da 'yan mata. A nan za a iya cika faranti: tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, dafa-duka da soyayyun kaji, cincin da dubulan a gefe. Rago da tulin soyayyen nama ka ajiye su sai babbar Sallah, wadda Yarbawa ke kira Ileya. Farar shadda ƙal a jikin mutum mai duhun fata tana ba mai hoto wahala: in ya gyara don fuska ta fito, rigar ta ƙone ta zama farin fili babu ɗinki, in ya gyara don rigar, fuska ta nutse. Ka zaɓi ruwan madara, ruwan ƙasa ko shuɗi mai haske. Kuma a samo wanda ya iya kafa hula da wadda ta iya ɗaurin ɗankwali da yafa gyale su zo wurin. Mayafin da aka ɗora wa wadda ba ta saba ba, daga nesa ake gane shi.

Wataƙila wani ya ce maka a sauke hoton Larabawa daga intanet, mai fitilun Masar da raƙumi, a huta. Ka ce a'a. Ban da cewa ba ya kama da kowa a Agege, hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a tallan da ake nufin 'yan Najeriya da shi tun 1 ga Oktoba 2022, kuma doka ta ce a kai mata talla ta tantance kafin a fitar. Ka gaya wa oga ya sa wannan a lissafin kwanaki. Duk wanda ya fito a hoton ya sa hannu a takardar yarda, yara kuma iyayensu su sa musu.

Rubutu ka taƙaita shi. "Barka da shan ruwa" da "Barka da Sallah" sun wadatar, na biyun ma har Yarbawa suna faɗa. Aya, hadisi ko sunan Allah kada su hau takardar talla ko ledar kanti. Ka san inda waɗannan takardu suke ƙarewa a garin nan: ƙasa, kwata, ko hannun mai ƙosai ta naɗe wa yaro. In oga ya nace sai an sa Larabci, ko kalma biyu ce, a kai wa wanda ya iya karantawa ya duba, don manhajojin tsara hoto sukan rarraba haruffan su jera su daga hagu, ya zama shirme. Haka ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon rubutu ke da su ba, sai ka ga ɗan akwati a gurbinsu. Kada a sa kwanan wata a jikin hoton, kuma kada a saita shi ya fita da kansa a intanet. Ka riƙe shi a shirye, sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata sannan ka saki.

Na waya a fitar da girma biyu, 1080×1350 da 1080×1920, kuma a na biyun a bar sama da ƙasa babu rubutu don sunan shafi da maɓallai suna rufe wurin. Na bugu a ba masu bugawa a CMYK, wato tsarin launin injin bugu, da kaifin hoto 300 dpi in takarda ce, da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Ko Shomolu za ku kai ko Mushin, ka ce sai sun buga maka gwaji guda ɗaya ka gani da idonka a hasken waje. Launin ɗumin nan da ya yi kyau a waya yakan yi duhu a takarda, fuskoki su koma kamar an shafa musu manja. In ka ga haka, a mayar wa mai tsarawa ya rage ja, ya ɗaga hasken fuskoki, a sake gwaji kafin a saki injin.