Saƙon azumi na kullum: a shirya 29, a ajiye ɗaya

"Malam, ina so in riƙa tura wa mutanen garinmu gajeren karatu ta WhatsApp kullum a watan azumi. Bara na fara, ran 9 ga wata na tsaya, har yau kunya nake ji." Wata malamar Islamiyya daga ƙasar Ringim.

'Yata, daina jin kunya. Abin da ya kayar da ke shi ne ɗaukar murya kullum da ƙishirwa, ga girkin buɗa-baki yana jira. Ki ɗauki guda goma tun a Sha'aban, sauran kuma ki riƙa ɗaukar biyar-biyar da dare bayan asham. Kowanne ya zama minti uku, tsari ɗaya: sallama, aya ko hadisi ɗaya, bayani, sai addu'a. Ki tura bayan la'asar, lokacin da mata ke gindin murhu da waya a gefe, kuma kada ki sauya lokacin.

Jeren darussan ya bi buƙata. Na niyya ya fita tun kafin Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Yaƙin Badar ran 17. Daren Lailatul Ƙadari ki yi maganarsa ran 19, kafin a shiga goman ƙarshe. Zakkar fidda-kai kuwa ran 26, don magidanci ya samu damar auna gero ko masara, mudun Annabi huɗu kan kowane mutum. Kada ki kai ta ran 30, domin watan yana iya tsayawa a 29. Na talatin ya zama addu'a, wadda ko ba ta fita ba, ba a yi asara ba.

"In sayi kyamara da fitila?" Wani matashi daga Gumel.

Murya za ka tura, kyamarar ta mece ce? Shiga ɗaki mai katifa da labule, rufe ƙofa saboda kukan awaki, wayarka ta isa.

Abin da nake so ku duka ku ji tsoronsa shi ne memori na jabu. Ni ya taɓa cina. Na saya a teburin wani mai caji ran kasuwa, an rubuta 64GB, kuɗinsa bai kai rabin na shago ba, na yi ta murna. Karatu goma sha biyu na zuba. Sunayensu na nan reras, amma rabinsu suka ƙi buɗewa, saura kwana biyu azumi. Cikinsa ƙarami ne, an yi masa dabara waya na ganinsa babba, in ya cika abin da aka zuba sai ya lalace. Araha ba ta ado! In kun saya, ku cika shi taf da bidiyo, sannan ku buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ko ya ci jarrabawa, duk karatun da kuka ɗauka ku tura kwafinsa wayar wani ɗan gida a daren.