Hoton CT ɗaya, kamanni uku

"An yi wa Baba hoton CT na ƙirji a Damagaram, fim uku suka fito daban-daban. Sau uku aka ɗauka?"

A'a ɗan'uwa, sau ɗaya ne. Na'urar tana ba kowane ɗigo lamba: iska -1000, ruwa 0, ƙashi ɗaruruwa zuwa sama da 1000. Ido ba ya iya bambance launin toka mai yawa haka, shi ya sa ake zaɓar taga, wato iyakar lambobin da za a nuna; kowane fim da tagarsa. Ta tsoka, mai faɗi W 400 da tsakiya L 40, tana nuna -160 zuwa 240 kawai. Abin da ya gaza haka baƙi ƙirin, don haka huhu yake ɓacewa. A tagar huhu, W 1500 L -600, jijiyoyin huhu sukan fito, zuciya ta yi fari fat. Tagar ƙashi faɗi gare ta, wajen 2000. Ka kai wa likita duka ukun, ƙaramin ƙulli a huhu yakan ɓuya a tagar tsoka.