Amsa gayyatar taro tare da neman sauƙi: yadda ake yi ba tare da an ɓata wa mai gayya ba

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni wakilin wani kamfanin kayan masarufi ne a Kumasi, ina zaune a Aboabo. An turo mini gayyatar taron wakilai a babban ofis a Akra, ranar Alhamis ta mako mai zuwa, daga 9 na safe zuwa 12. Ba na son in ƙi, amma rufe shago kwana biyu zai yi mini tsada. Yaya zan amsa in nemi a rage lokacin, ko in shiga ta waya, ba tare da manaja ya ɗauka raini ne ba?

Wa alaikumus salam ƙanina. Na yi shekara 11 ina sakatariya a wani ofis a nan Akra, ni ke tura gayyata, ni ke karɓar amsoshi in kai wa maigida, saboda haka zan faɗa maka yadda irin wannan saƙo yake sauka a wajen wanda aka aika wa.

Da farko ka raba abubuwa biyu da ka haɗa. Neman a rage taro daban, neman ka shiga daga nesa daban, kuma ɗaya kawai za ka nema a saƙo guda. Wanda ya rubuto yana cewa a rage lokaci, kuma a bar shi ya shiga ta waya, kuma in da hali a ɗaga zuwa Litinin, abin da maigida yake ji shi ne mutumin nan ba ya son zuwa. A halinka rage lokaci ba zai amfane ka da komai ba. Tsakanin Kumasi da Akra kusan kilomita 250 ne, kuma in ka tashi daga Asafo ka bi Konongo, Nkawkaw, Suhum, ka zo ka faɗa cunkoson Nsawam zuwa Ofankor, awa biyar ko shida ka ci a hanya. Taron ƙarfe 9 kuwa sai ka kwana a Akra ko ka bi motar dare. Ko an mayar da awa ukun nan minti 30, kwana biyunka sun tafi. Damuwarka hanya ce, don haka shiga daga nesa ita ce buƙatarka. Wanda ya kamata ya nemi ragi shi ne mai zama a Nima ko Madina, wanda turoturo ɗaya zai kawo shi, amma yana da wani aiki da hantsi.

Ko shi ɗin ma ina ba shi shawara kada ya ce a rage taron gaba ɗaya. Taron da aka tara mutum goma sha biyu ba naka ba ne, tsawonsa hurumin wanda ya kira ne. Abin da kake da ikon roƙo a kai shi ne naka kason. Ka duba ajanda, in ba a turo ba ka tambayi sakatariya. A ce batutuwa shida ne, rahoton Kumasi shi ne na biyar, kuma bayaninka ba zai wuce minti 15 ba. Roƙon da ake amsawa cikin sauƙi shi ne a dawo da batunka na biyu, ka yi bayani, ka amsa tambayoyi, a sallame ka ƙarfe 10. Wannan sauya layi ɗaya ne a takarda, ni kaina na sha yi ba tare da na dami maigida ba. Amma a ce a matse awa uku su koma ɗaya, sai an sake tuntuɓar kowa, kuma akwai wanda za a yanke wa nasa lokacin ya ji haushinka bai san ka ba. Ragin taro duka yana yiwuwa ne idan ku biyu ne ko uku, a nan za ka iya cewa minti 30 zai ishe ku maimakon awa ɗaya idan ka turo takardu tun kafin ranar.

Yanzu ga tsarin saƙon. Ko da Turanci za ka rubuta, jerin bai canzawa: amincewa a layin farko, dalili a jimla ɗaya, roƙo ɗaya mai ɗauke da lokaci, abin da za ka yi don ka sauƙaƙa musu, sannan ka mayar da hukunci hannun mai gayya. Da ni ce kai, haka zan rubuta:

"Ranka ya daɗe, na samu gayyatar taron wakilai na ranar Alhamis ƙarfe 9, na gode, kuma zan halarta insha Allah. Ina neman alfarma guda: ranar Laraba da Alhamis nake karɓar kaya ina raba wa 'yan kasuwar Kejetia, kuma zuwa Akra zai sa in rufe kwana biyu. Ko za a yarda in shiga ta bidiyo daga nan Kumasi, daga 9 zuwa 12? Zan turo rahoton cinikina ranar Talata da yamma don ya riga ni isa, kuma zan gwada layin da sakatariya ranar Laraba. Idan kuma kana ganin zuwana da kaina ya fi, ka sanar da ni zuwa Litinin, zan shirya in taho."

Dalilin da na sa a ciki misali ne, ka sa naka na gaskiya. Kada ka ƙirƙiro rashin lafiya ko rasuwa, domin zango ƙarami ne, direban da ke kai maka kaya zai gan ka a shago lafiya lau. Kuma kada ka jero dalili huɗu, yawan dalili shi ke sa a fara zargi.

Jimlar ƙarshen nan ita ce ke cire raini daga saƙon, amma kada ka rubuta ta sai ka shirya cika ta. In ya ce ka zo, ka zo, ba tare da ka sake buɗe ciniki ba. Kuma ka lura na ce "zan halarta" kafin in ce komai. Maigidana na lokacin yakan karanta layin farko kawai a waya yana tafiya zuwa mota. Duk saƙon da ya fara da "ina ba da haƙuri" yakan juyo ya ce mini wane ba zai zo ba, alhali mutumin a layi na uku ya ce zai zo.

In manajan naku dattijo ne, ko mutumin da kuka saba gaisawa, kira shi tukuna. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali da aiki, ka faɗi buƙatarka da baki, in ya amince sai ka bi da rubutu don ya zama shaida, ka sa sakatariya a ciki. Ka yi haka yau ko gobe. Roƙon da ya zo saura kwana biyar shiri ne, wanda ya zo daren Laraba kuwa kowa zai ɗauke shi uzuri.

Akwai tarko a maɓallan kalanda da mutane da yawa ke faɗawa. In gayyatar ta Outlook ce, ka danna Accept ka zaɓi Edit the response before sending, ka rubuta saƙonka a ciki. Kada ka danna Tentative da nufin ladabi, domin a jerin da sakatariya ke gani kana cikin waɗanda ba su tabbatar ba. Shi ma Propose New Time yawanci a matsayin Tentative yake tafiya, kuma neman sauya wa kowa lokaci ne, ba shi kake so ba. In ta Google Calendar ce, a asusun aiki akwai ɗan kibiya kusa da Yes mai ba ka Yes, joining virtually. Danna shi ba izini ba ne, alama ce kawai kusa da sunanka, kuma ba ya sa kowa ya ajiye lasifika a ɗakin taro. Sai ka samu amsar manaja sannan ka danna.

Abin da ya fi ba ni tsoro a shirin naka ba amsar manaja ba ce, ranar taron ce. Na taɓa ganin wani wakilinmu na arewa an amince masa ya shiga ta waya. Ranar sai aka ɗora wayar wani ma'aikaci a tsakiyar dogon tebur, mutum goma sha huɗu a ɗaki, fankar sama tana kaɗawa. Ba ya jin kowa sai wanda ke kusa da wayar, shi kuma kunya ta hana shi cewa ba ya ji. Aka zo kan rabon kaya, aka rage masa katan 40 a wata, shugaban taro ya ce akwai mai magana, shiru, aka wuce. Sai da na tura masa bayanin taro washegari ya kira ni murya na rawa. Har yau abin yana damuna, domin da na zauna kusa da wayar nan da na maimaita masa tambayar.

Saboda haka, bayan an amince, ka tambayi sakatariya abu uku cikin ladabi: da wace manhaja za a yi, akwai lasifikar taro a ɗakin ko wayar hannu ce, kuma wa zai riƙa lura da kai. Ka samu mutum ɗaya a ɗakin, abokin aiki da ka yarda da shi, wanda zai ce "Kumasi na da magana" in ka tura masa saƙo. Tambayar manhaja tana da dalili: Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet na kyauta kuma awa ɗaya yake ba taron mutum uku zuwa sama. Taron awa uku a kan asusun kyauta zai katse sau da yawa, kuma waɗanda ke ɗaki ba za su lura ka faɗi ba, za su ci gaba da maganarsu. In haka ne, to a nan ne za ka nemi a kawo batunka cikin minti 40 na farko.

Daga ɓangarenka, kada ka shiga daga cikin shago, hayaniyar kasuwa za ta sa su kashe maka murya su manta da kai. Ka samu ɗaki mai shiru, abin saƙalawa a kunne, waya cike da caji da abin caji na tafi-da-gidanka saboda dumso, da layi na biyu na wani kamfanin daban. Bidiyo yana iya cin kusan giga ɗaya a awa, murya kaɗai ba ta kai mega 100 ba, don haka ka sayi giga huɗu ko biyar, ka kunna kyamara lokacin gaisuwa da lokacin rahotonka, ka kashe in layi ya fara rawa. Ka shiga 8:45. In ba ka ji magana ba, ka faɗa a take, kuma duk adadin da ya shafe ka ka maimaita shi da bakinka a tabbatar.

Sai dai kafin ka tura komai, duba ajandar da kyau. In akwai batun sabon farashi, rabon yankuna, kason wakilai, bashin da ake bin ka, ko sa hannu a sabuwar yarjejeniya, ni dai shawarata ka hau mota. Haka in wannan ne karon farko da za ka ga sabon manaja ido da ido. Irin waɗannan maganganu rabinsu a wajen shan shayi ake gama su, kafin a zauna da bayan an tashi, kuma waya ba ta kai ka can. Ka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, kwana ɗaya a wajen 'yan uwa a Sabon Zango ko Fadama, da ribar kwana biyu, ka ajiye su kusa da abin da za ka rasa in aka taɓa kasonka na wata shida. In kuwa rahoton wata uku ne kawai da sanarwa, tura saƙon nan yau, ka kira sakatariyar gobe da safe ka ji ko ya gani.