Yadda ake gaida taro ba tare da an bar kowa a baya ba

Tambaya: Ni malami ne a makarantar firamare, an ce in buɗe taron iyayen yara da malamai. Mutane za su kai 200, ga dagaci, ga masu unguwa biyu, ga liman, akwai kuma iyaye Kirista. Bara wanda ya buɗe taron ya manta sunan mai unguwa ɗaya, har yau maganar ba ta mutu ba. Yaya zan yi gaisuwar?

Amsa: Malam, abin da ya kayar da na bara shi ne jero sunaye. Da zarar ka ambaci mutum ɗaya da sunansa, duk wanda yake daidai da shi a matsayi ya fara sauraron nasa, in bai ji ba kuwa ba zai ɗauka mantuwa ce ba. Saboda haka ka gaida mutane rukuni-rukuni, ka bar sunaye ga mai gabatarwa idan akwai shi.

Fara da sallama, ka yi shiru har a amsa. Masu buɗe taro da yawa kan haɗa sallama da jawabi a numfashi ɗaya, sai amsar jama'a ta danne kalmominsu na farko. Sallama ɗaya ta wadatar wa ɗakin duka, domin lafazinta na jam'i ne. Sai ka bi ta da "Jama'a, barkanmu da warhaka", ko "barkanmu da safiya" in da safe ne. Wannan ta biyun kowa yana iya amsa ta, Musulmi da Kirista. "Barkanmu" ta fi "barkanku" daɗi a nan, tunda kai ma ɗan taron ne. Kauce wa "'yan'uwa Musulmi" a irin wannan zama, domin ka fitar da wasu iyaye daga gaisuwar tun ba a je ko'ina ba.

Daga nan sai manya, kuma da muƙami za ka kira su. Mutum yana cancantar ambato shi kaɗai idan babu na biyunsa a wurin. Dagaci ɗaya ne, shugaban makaranta ɗaya ne, shugaban ƙungiyar iyaye ɗaya ne. Masu unguwa biyu ne, don haka jam'i za su shiga. Liman ma, tunda mai yiwuwa akwai wani malamin ko fasto a cikin iyaye, ya fi aminci ka ce "shugabannin addini". Ga yadda za ta fita:

"Mai girma Dagaci, ranka ya daɗe. Masu unguwanninmu, shugabannin addini, shugaban makaranta da shugaban ƙungiyar iyaye, iyayenmu maza da iyayenmu mata, masu riƙon yara, abokan aikina malamai, da duk wanda ya baro harkarsa ya zo wannan taro, sannunku da zuwa."

Wannan ba ta kai rabin minti ba. Lura da "masu riƙon yara". A kowane taron makaranta akwai kaka, ko goggo, ko yayan da ya zo a madadin uba, kuma kalmar "iyaye" kaɗai takan sa wasunsu su ji kamar 'yan rakiya ne. Jimlar ƙarshe kuwa ita ce tarun da ke kwashe duk wanda ya kuɓuce. Kada ka musanya ta da "da sauransu", wadda ta dace da lissafin kaya.

Kafin ranar, rubuta gaisuwar a takarda ka gwada ta: ɗauki mutum biyar da ka san za su zo, har da maigadin makaranta, ka duba ko kowanne ya faɗa cikin rukuni aƙalla ɗaya. Da safen taron kuma ka tambayi shugaban makaranta wa ya zo da kansa, wa ya aiko wakili. Idan dagaci wakili ya turo, sai ka ce "wakilin mai girma Dagaci", kuma yana nan a farko.

Ido ma yana gaisuwa. Mata sukan zauna a gefe guda ko a baya, in ka kafe idonka kan teburin manya, sun ji sunansu amma ba su ga an gaishe su ba. Juya ka fuskance su sa'ad da ka ambace su. Musabaha kuwa, in ka fara da manyan da ke kan tebur, ka bi layin daga dama har ƙarshensa ba tsallake. In ba za ka iya gamawa ba, ɗaga hannu biyu ka russuna kaɗan daga inda kake tsaye.

Idan babban baƙo ya shigo kana cikin magana, ƙarasa jimlarka tukuna, ka ce "Muna yi wa Mai Unguwa barka da isowa", ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kada ka sake jero gaisuwar daga farko. In kuwa aka raɗa maka cewa ka tsallake wani, gyara nan take da jimla ɗaya: "A gafarce ni, muna tare da wakilin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannu da zuwa." Doguwar ban haƙuri ita ce ke jawo hankalin mutum 200 kan kuskuren da goma kaɗai suka lura da shi.